Yaushe Aure Yake Ɗauruwa? Al'ada, Shari'ar Musulunci da Dokar Ƙasa a Najeriya

Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku: na al'ada, na Shari'ar Musulunci, da na dokar gwamnati wanda jama'a suka fi sani da auren kotu ko auren rajista. Dukansu aure ne ingantacce, kuma babu wanda ya fi wani zama aure a idon hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya raba musu iko, domin abu na 61 a jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai take da hurumi a kansu ya ba ta ikon yin doka kan ƙulla aure da warware shi, amma ya keɓe auren Musulunci da na al'ada daga wannan iko. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne kowane tsari yana da nasa lokacin da yake cewa aure ya ɗauru, da nasa abin da idan aka rasa shi babu aure. Muddin mutum ya tsaya a tsari ɗaya, da wuya wannan bambanci ya dame shi. Matsala tana tasowa ne ranar da ya ɗora wani tsari a kan wani, yana zaton ƙarin takarda kawai ya yi.

A tsarin al'ada, aure magana ce tsakanin gida biyu. Al'adun ƙasar nan suna da yawa, kuma abin da ake yi a ƙasar Yarbawa ya bambanta da na Ibo ko Tibi ko Maguzawa, amma kotuna sun daɗe suna neman abubuwa kaɗan kafin su ce an yi auren al'ada: yardar iyaye, musamman na mace, yardar ma'auratan su kansu, biyan kuɗin aure ko abin da ya tsaya a madadinsa, sannan miƙa amarya ga mijinta ko danginsa. Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan mantawa da shi. A al'adu da dama ana iya biyan kuɗin aure cif, a ci a sha, amma idan dangin mace ba su miƙa ta ba, abin da aka yi bai wuce baiko ba. Kuɗin kuma hannun uba ko dangin amarya yake shiga, shi ya sa idan zama ya ƙi, mayar da shi ne yake nuna cewa igiya ta tsinke.

Yardar mace ba ado ba ce a nan. A shari'ar Osamwonyi da Osamwonyi ta shekarar 1972, wadda ta shafi al'adar mutanen Bini, wani miji ya nemi a rushe auren kotun da ya yi da matarsa bisa hujjar cewa tun kafin aurensu wani mutum ya riga ya biya wa mahaifinta kuɗin aurenta, saboda haka matar wani ce. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja, domin an biya kuɗin ne ba da yardar yarinyar ba, kuma ba ta taɓa amincewa da mutumin a matsayin miji ba. Hukuncin ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya ɗaura auren al'ada. Haka kuma ba kowace al'ada kotu take karɓa ba, domin akwai ƙa'idar da ta ce za a yi watsi da duk al'adar da ta saɓa wa adalci da lafiyayyen tunani. Da wannan ma'auni ne Kotun Ƙoli, a shari'ar Okonkwo da Okagbue ta 1994, ta ƙi amincewa da al'adar aura wa mamaci mata domin a haifa masa 'ya'ya da sunansa.

Rauni mafi girma na auren al'ada shi ne tabbatar da shi. Sau da yawa babu takarda, sai shaidar waɗanda suka halarta, kuma bayan shekara talatin ana iya tarar da cewa dattijan da suka karɓi kuɗin da waɗanda suka kai shi duk sun riga mu gidan gaskiya. Matar da take neman haƙƙinta a lokacin dole ta kawo wanda zai faɗa wa kotu yadda al'adar garinsu take, da wanda ya ga an cika ta a kanta.

Auren Musulunci, wanda shi ne auren mafi yawan Hausawa, ya fi wannan ƙayyadewa. Kotunan Shari'a a Arewa suna bin mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da alƙalai da malaman zaure suke komawa gare su sanannu ne. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai, shi kuma Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa rukunan aure huɗu: waliyyi, sadaki, miji da mata waɗanda babu wani shamaki tsakaninsu, da siga, wato kalmar nema da ta bayarwa. Duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya ga waɗannan da idonsa. Wakilin ango yakan ce suna nema wa ɗansu wane auren 'yarsu wance, waliyyin amarya ya ce sun ba su, a faɗi sadaki a bayyana ko lakadan ne ko ajalan, liman ya tambayi jama'a ko sun shaida, a yi addu'a a shafa, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar. A wannan ɗan lokaci aure ya ɗauru, ko da amarya tana can cikin gida ba ta ji komai ba, ko da ba za ta tare ba sai bayan wata uku. Idan ango ya rasu a daren nan, matarsa ce: za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kuma za ta ci gadonsa. A nan ne aka sami bambanci na farko mai girma da tsarin al'ada, wanda shi yake jiran a miƙa amarya.

Saboda haka yana da kyau a rarrabe abin da Shari'a ta nema da abin da al'adar Hausa ta ƙara. Kuɗin gaisuwa, na-gani-ina-so, sa rana, lefe, kamu, sa lalle, kai amarya, sayen baki da gara, babu ko ɗaya a cikinsu da yake rukuni. Ana iya yin aure ingantacce ba tare da ko akwati ɗaya ba, ana kuma iya cika ɗaki da akwatuna amma a sami aure ɓatacce saboda wanda ya bayar da yarinyar ba shi da waliccinta. Abin takaici ne yadda a gidaje da yawa ake shafe watanni ana ja-in-ja kan yawan turamen atamfa, alhali babu wanda ya tsaya ya tambayi ranar da bazawarar da za a aura ta gama idda.

Sadaki haƙƙin mace ne ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta umarta a ba mata sadakinsu, kuma wannan ne bambanci na biyu da kuɗin auren al'ada da yake zuwa hannun dangi. Mafi ƙarancinsa a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Tun da nauyin dinari giram 4.25 ne na zinariya, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya, shi ya sa ƙimarsa da naira take hawa da sauka tare da farashin zinariya. Rashin ambaton sadaki a wurin ɗaurin aure ba ya ɓata auren, domin idan aka sadu sai a yanke mata sadakin da ake bai wa mata irinta. Abin da yake ɓata shi shi ne a yi yarjejeniya cewa babu sadaki sam. Daga nan ne aka haramta auren musaya, inda mutum zai aurar da 'yarsa ko ƙanwarsa ga wani bisa sharaɗin shi ma ya aurar masa da tasa, kowace ta zama sadakin 'yar'uwarta. Irin wannan musaya kuwa ita ce babbar hanyar aure a al'adar Tibi kafin gwamnatin mulkin mallaka ta soke ta a 1927.

Batun shaidu yana da wata ƙa'ida da Malikiyya ta bambanta da ita. Halartarsu a lokacin ƙulla auren abin so ne, amma wajibcinsa yana kan kafin saduwa, ta yadda idan aka ɗaura babu shaidu, ana iya kiran adilai biyu a shaida musu kafin tarewa, auren ya tsaya. Idan kuwa aka sadu ba a shaida ba, sai a raba su. Haka nan idan miji ya umarci shaidu su ɓoye auren, ya zama auren sirri wanda hukuncinsa rushewa ne. Shamakin da yake hana aure kuma ya haɗa da dangantakar jini da ta surukuta da ta shayarwa, da haɗa 'yan'uwa mata biyu a lokaci ɗaya, da ƙara ta biyar a kan huɗu, da idda. Na idda ya fi tsanani fiye da yadda mutane suke zato, domin a Malikiyya wanda ya auri mace cikin iddarta har ya sadu da ita, ta haramta gare shi har abada.

Auren dokar ƙasa yana tafiya ne bisa Dokar Aure ta 1914, tare da Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, kuma shi aure ne na miji ɗaya da mata ɗaya. Matakansa a rubuce suke. Ɗaya daga cikin masu niyyar aure zai kai sanarwa ofishin magatakardan aure na yankin da za a yi auren, a shigar da ita littafi, a liƙa kwafinta a ƙofar ofis domin duk mai ƙorafi ya zo ya shigar. Bayan kwana 21, kuma kafin wata uku su cika, magatakarda zai ba da takardar izini idan an yi rantsuwa a gabansa kan abubuwa huɗu: ɗayansu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kowannensu ya kai shekara 21 ko yana da rubutacciyar yardar uba ko uwa ko mai riƙonsa, babu dangantakar da ta haramta auren, kuma babu wanda yake da auren al'ada da wani mutum dabam. Idan wata uku suka wuce daga ranar sanarwa ba a yi auren ba, sai an sake daga farko. Ana ɗaura shi a ofishin magatakarda tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ko a wurin ibada mai lasisi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu, sannan ma'aurata da shaidu su sa hannu a takardar shaidar aure.

Babu waliyyi a nan, babu sadaki, babu kuɗin aure. Ma'auratan su ne suke furta yardarsu da bakinsu, kuma dole su kasance a wurin, saɓanin ɗaurin auren Musulunci da wakilai suke ƙullawa. Shaidu ma ba a sharɗanta su zama maza ko Musulmi ba. Matsayin iyaye shi ne ya fi nuna nisan da ke tsakanin tsarin biyu. Mace mai shekara 40, bazawara, ba ta ɗaura wa kanta aure a Malikiyya, kuma idan ta yi za a rushe shi, ko da yake ba a aurar da ita sai da izininta a bayyane. A dokar ƙasa kuwa, yarinya mai shekara 19 da ta yi auren kotu ba da yardar mahaifinta ba, an saɓa wa doka wajen ba da izinin, amma da zarar an ɗaura, auren yana nan daram. Dalili shi ne sashe na 33 na Dokar Aure ya ƙayyade kurakuran tsari da suke rusa aure, wato yin sa a wurin da ba shi da lasisi, ko da sunan ƙarya, ko babu takardar izini, ko a hannun wanda ba shi da ikon ɗaurawa, kuma ko waɗannan ma sai idan dukkan ma'auratan biyu sun sani kuma sun yarda da gangan.

Wani abu da Kiristoci da dama ba su lura da shi ba shi ne dokar Najeriya ba ta ware auren coci a matsayin tsari mai zaman kansa kamar yadda ta ware na Musulunci ba. Auren coci yana zama auren dokar ƙasa idan cocin yana da lasisi kuma an kawo takardar izinin magatakarda. Idan babu waɗannan, yana iya zama sa albarka kawai a kan auren al'adar da aka riga aka yi. A shari'ar Anyaegbunam da Anyaegbunam ta 1973, Kotun Ƙoli ta yanke cewa bikin da aka yi a coci da takardar da limamin cocin ya bayar ba su tabbatar da auren dokar ƙasa ba. Matar da ta shekara da shekaru tana ganin ita kaɗai doka ta sani tana iya wayar gari ta tarar cewa auren al'ada ne a kanta, wanda bai hana mijinta ƙara aure ba.

Shekarun aure ma wuri ne na saɓani. Dokar Aure ba ta faɗi mafi ƙarancin shekaru ba, fiƙihun Malikiyya bai yanke adadi ba, al'adu kuma balaga suke dubawa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ita ce ta ce auren wanda bai kai shekara 18 ba ɓatacce ne, amma a wajen Abuja tana aiki ne a jihar da majalisarta ta kafa irinta, kuma da kalmomin da jihar ta zaɓa.

Yanzu a ɗauki misalin da yake faruwa a biranenmu. A ce wani ma'aikaci Musulmi a Kaduna ya auri matarsa a masallaci da waliyyi da sadaki da shaidu. Bayan shekara biyar ya sami damar ƙaro karatu a ƙasar waje, aka ce masa takardar auren kotu za ta sauƙaƙa wa iyalinsa samun biza, sai suka je rajista suka sa hannu. Wannan halal ne a doka, domin wadda ya aura a rajista ita ce dai matarsa ta farko. Amma daga ranar ya shiga tsarin mata ɗaya, kuma magatakarda yakan karanta wa ma'aurata gargaɗin cewa wannan aure ba ya warwaruwa sai da mutuwa ko hukuncin kotu, kuma wanda ya sake wani aure kafin haka ya aikata laifi. Mafi yawan mutane suna jin wannan gargaɗi kamar karatun da aka saba yi, hankalinsu yana kan mai hoto.

Bayan wasu shekaru sai mutumin ya ƙara aure a masallaci. A ma'aunin fiƙihu auren amarya ya cika rukunansa, kuma malamin da ya ɗaura bai ga wani shamaki ba, tun da mata biyu ba su kai huɗu ba. A ma'aunin dokar ƙasa kuwa, sashe na 35 na Dokar Aure ya ce wanda yake da auren wannan doka ba shi da ikon ƙulla wani aure na al'ada muddin na farkon yana nan, sashe na 47 kuma ya tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi. Akwai mai cewa kalmar al'ada ba ta haɗa da Shari'a ba, yana kafa hujja da shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998 inda Kotun Ƙoli ta ce Shari'ar Musulunci ba dokar al'ada ba ce. Hujja ce da lauya zai iya tayarwa, amma ban ga hikimar mutum ya jingina makomar iyalinsa a kanta ba, domin asalin auren da ya sa wa hannu na mata ɗaya ne, kuma a kan haka Babbar Kotu za ta fara dubansa. Gaskiya ne da wuya a ji an gurfanar da wani kan wannan laifi. Illar takan ɓullo ne bayan rasuwa, lokacin da uwargida za ta fito da takardarta ta nemi izinin kula da dukiyar mamaci a matsayin ita kaɗai ce matarsa, amarya kuma ta nufi kotun Shari'a tana neman rabonta a cikin tumunin da matan mamaci mai 'ya'ya suke rabawa. 'Ya'yan amarya suna da kariyar sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, amma ita uwarsu wannan sashe bai mayar da ita matar aure a ƙarƙashin Dokar Aure ba.

Idan aka juya tsarin, sakamakon ma yana juyawa. A ce yana da uwargida ta auren masallaci, sai ya kai amarya rajista ya yi rantsuwa cewa ba shi da wata mata. A nan auren rajistar ne ɓatacce tun daga tushe, domin sashe na 3 na dokar 1970 ya rusa duk auren da aka yi alhali ɗaya daga cikin ma'auratan yana da halastaccen aure da wani, sashe na 46 na Dokar Aure kuma ya tanadi ɗaurin shekara biyar ga mai auren al'ada da ya yi haka. Amaryar da take riƙe da takarda mai hatimi tana ganin ta fi uwargida ƙarfi a doka, alhali takardar ba ta ba ta komai ba. Idan an ɗaura mata aure a masallaci yadda ya kamata, wannan ne kaɗai auren da take da shi. Wato ba takarda ce take yin rinjaye ba, tambayar da kotu take yi ita ce wane aure ne ya riga, kuma da wa aka yi shi.

Ɓangaren da ya fi cutar da mata shi ne na rabuwa. A koma kan ma'aikacin nan da uwargidansa masu aure biyu a kansu, na masallaci da na rajista. Idan ya rubuta mata saki, ta yi idda tsarki uku, a Shari'a ta fita daga aurensa kuma tana da damar auren wani. Amma takardar saki ba ta taɓa auren rajista, kuma kotun Shari'a ko kotun yanki ba su da hurumin warware shi. Babbar Kotu kaɗai take da wannan iko, bisa dalili ɗaya da sashe na 15 na dokar 1970 ya tanada, wato auren ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba, wanda ake tabbatarwa da abubuwa irin su rabuwar zama na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko shekara uku ko da ya ƙi. A ƙa'ida ba a ma shigar da ƙarar kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko ba ya zama na ƙarshe sai bayan wata uku. Matar da ta gama idda ta yi sabon aure a masallaci kafin wannan hukunci na ƙarshe ya fito, a littafin magatakarda tana nan a matsayin matar mijinta na farko, kuma ita ce wannan karon ta faɗa ƙarƙashin hanin da sashe na 35 na Dokar Aure ya yi.